Me za mu kira canjin da aka ƙulla yau, a biya nan da wata uku?

Akantan Kwari: Salamu alaikum. Maigidana yana shigo da yadi, kuma ya fara yin abin da 'yan banki ke kira fowad: a tsayar da farashin dala yau, a yi musayar kuɗin nan gaba. In takardar banki ta zo ni nake karanta masa da Hausa, kuma a nan nake kakarewa. Ga layukan da nake dubawa a wata takarda ta 2025, na daidaita alƙaluman don sauƙin lissafi:

```
Currency Pair: USD/NGN
We Sell: USD 50,000
Forward Rate: 1,560
Trade Date: 03/04/2025
Value Date: 04/07/2025
```

Sunan cinikin nake nema, da na takardar, da na layin ƙarshe.

Ɗalibin Zaure: Ai wannan salam ne, yana cikin littattafan fiƙihu. Ba sai an ƙirƙiro sabuwar kalma ba.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Banki: Malam, ka kusa. A salam mai saye yana biyan kuɗi a take, kaya su zo daga baya. A nan kuwa ba a kammala biya ta kowane ɓangare sai ranar da aka sa, ko da banki ya riƙe wani kaso na jingina. Ni “canjin wa'adi” nake cewa. Takardar kuma “takardar tabbaci”, kada a ce rasit, don rasit shaidar an biya ce, wannan kuwa shaidar abin da aka sallama ce. Ƙanena, wa ke sayarwa a layi na biyu?

Akantan Kwari: Banki ne, Hajiya. Amma ranar farko da na fassara masa “mun sayar”, sai da Alhaji ya ajiye kofin shayinsa ya ce yaushe ya sayar da dalar da bai mallaka ba.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Banki: To ka gani. Da bakin banki ake rubuta takardar, don haka ka riƙa cewa “banki zai ba mu dala, mu ba shi naira”. Kuɗin da aka fara rubutawa shi ne hajar, na biyun shi ake biya da shi, wato dala ɗaya a kan naira 1,560. Sai ka ninka da kanka: 50,000 sau 1,560 ya ba da naira miliyan 78. Da hannun mai bugawa ya juya ya sa 1,650, sai ya zama miliyan 82.5, asarar miliyan 4.5 ke nan a kan lamba biyu da suka sauya wuri. Akwai kuma yadda ake gane farashin da bai zauna ba. A ce dala tana 1,500 ranar ciniki, ruwan naira kashi 20 a shekara, na dala kashi 4. Tazarar kashi 16 ce, rubu'inta na wata uku kashi 4, wato naira 60. Shi ya sa 1,560 ya yi daidai da hankali, 1,650 kuwa dole ka ɗaga waya kafin Alhaji ya sa hannu.

Baƙon Maraɗi: Mu a nan yuro ɗaya sefa 655.957 ce, ba ta motsi. Ina ruwan mutum da wa'adi?

Akantan Kwari: Da yuro gaskiyarka ne, yaya. Amma in da dala kake biyan masu kaya, sefarka tana hawa da sauka tare da yuro.

Ɗalibin Zaure: Na janye salam. Sai dai a sani malamai suna da magana a kan canjin kuɗi da ba hannu da hannu ba. Layin ƙarshe kuma a ce “ranar biya”.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Banki: Wannan mas'ala taku ce, Malam, a kai wa masu ita. “Ranar biya” kuwa tana sa mutum ya zaci shi kaɗai zai biya. Na fi son “ranar musaya”, ta sama kuma “ranar ƙulla ciniki”. Kuma ranar da ke takardar nan ta fi komai tsaya mini a rai. A karatunmu 04/07 shi ne 4 ga Yuli, a na Amurkawa 7 ga Afrilu, kwana huɗu kacal bayan 3 ga Afrilu da aka ƙulla cinikin. Sannan 4 ga Yuli hutu ne a Amurka, ba a kammala musayar dala a ranar. A 2025 Juma'a ce, bisa al'ada sai a matsa zuwa Litinin 7 ga wata. Ka nemi su rubuta sunan wata da haruffa, su kuma faɗa a rubuce abin da za a yi in ranar ta faɗo a hutun Sallah.

Akantan Kwari: Haka aka yi kuwa, sai da suka sake turo wata takardar. Na ɗauki canjin wa'adi, takardar tabbaci da ranar musaya. Saura layin farko. “Tagwayen kuɗi” ya yi?

Baƙon Maraɗi: Tagwaye ai kusan daidai suke. Dala da naira kuwa?

Ɗalibin Zaure: Ni “kuɗi da abokin canjinsa” ya fi kwanta mini, duk da ya yi tsawo a takarda.