Masu auna doya, rogo da dankali: yaya kuke raba sitaci, sukari da faiba?

Maman Husna: Assalamu alaikum. Ina neman waɗanda suka saba auna abinci da sikeli. Mahaifina na fama da ciwon sukari, ni ke kula da abincinsa, kuma an ce in riƙa lissafa kabohaidiret ɗin da ke cikin kowane rabo da zai ci. Jimillar ba ta ba ni wahala, ina samunta a jadawalin USDA, wato ma'aikatar noma ta Amurka. Amma an ce jimillar nan kashi uku ce, sitaci da sukari da faiba, ni kuwa idan na duba doya da rogo sai in ga sukari da faiba kawai, babu layin sitaci. Ku da kuka yi wannan aikin, ta yaya kuke fitar da shi? Dankalin da nake nufi mai zaƙin nan ne, ba na Turawa ba.

Malam Idi: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Na daɗe ina wannan lissafin saboda aikina, kuma sitacin doya da rogo ta hanyar ragi ake samunsa. Ki ɗauki jimillar, ki cire faiba, ki cire sukari, abin da ya rage kusan duka sitaci ne.

A jadawalin da kike dubawa, giram 100 na ɗanyar doya da aka fere yana da kabohaidiret giram 27.9, faiba 4.1, sukari 0.5. In kika cire biyun sai ya rage 23.3, sitacin ke nan. Rogo jimillarsa 38.1 ce, faiba 1.8, sukari 1.7, saura 34.6. Dankali kuma 20.1, faiba 3.0, sukari 4.2, saura 12.9. Shi dankali an auna sitacinsa kai tsaye an samu kimanin 12.6, kin ga ragin bai kauce wa awon ba sosai, shi ya sa na amince da hanyar.

In rabon giram 200 ne sai ki ninka kowanne sau biyu. Doya za ta ba ki sitaci kimanin 47, rogo 69, dankali 26. Nauyi ɗaya a sikeli, amma sitacin rogo ya haura na dankali ninki biyu da rabi. Babban dalilin ruwa ne: ɗanyen dankali kusan kashi 77 cikin ɗari ruwa ne, doya wajen 70, rogo wajen 60.

Garba: Malam Idi, ina ganin akwai kuskure a faibar rogo. Duk wanda ya ci dafaffen rogo ya san jijiyar nan ta tsakiya da zare-zaren da ke cikinsa. Ta yaya za a ce doya mai laushi ta fi shi faiba har ninki biyu? Ni rogo nake zaɓa saboda faibarsa.

Malam Idi: Malam Garba, jijiyar nan faiba ce, gaskiyarka. Sai dai mafi yawan mutane zare ta suke yi su yar, kuma nauyinta bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da sauran tsokar rogon, wadda kusan sitaci da ruwa ce zalla. Faibar da ake aunawa galibi ba a ganinta da ido, tana cikin bangon ƙananan ƙwayoyin da suka haɗa saiwar. Abu na iya yin laushi a baki kuma yana da ita da yawa.

Hajiya Bilki: Maman Husna, ni abin da zan ja kunnenki a kai shi ne jadawalin da kike cirewa daga cikinsa. Ni da ƙanwata mun taɓa lissafa rabon doya ɗaya, amsoshinmu suka bambanta da giram da yawa, muka yi ta musu kowa na cewa ɗayar ce ba ta iya ragi ba. Ashe ita da jadawalin abincin Afirka ta Yamma na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, take aiki. A can kabohaidiret ɗin da aka rubuta wanda jiki ke iya narkarwa ne, an riga an fitar da faiba an ba ta layinta daban. Ita kuma ta sake cire faibar, ta cire ta sau biyu ke nan, sitacin ya fito ƙasa da yadda yake. Ga mai ciwon sukari wannan kuskure ne mai haɗari, domin zai sa ki ƙara masa abinci kina zaton akwai sauran wuri.

Maman Husna: Hajiya, to yaya zan gane ko faibar tana ciki ko an fitar da ita, in jadawalin bai faɗa ba?

Malam Idi: Akwai gwaji mai sauƙi. Ki tara ruwa, furotin, mai, toka, wato ma'adinan da ke raguwa in an ƙona abincin, da kabohaidiret, ki bar faiba a gefe. In suka cika 100, faibar tana cikin jimillar, sai ki cire ta. In suka gaza 100 da kimanin adadin faibar, an riga an cire, sukari kaɗai za ki rage. Ki gwada da doyar nan: ruwa 69.6, furotin 1.5, mai 0.2, toka 0.8, jimilla 72.1. Ƙara 27.9 ki ga ya cika 100 daidai. Ba sa'a ba ce. Su ba auna kabohaidiret ɗin suka yi ba, sauran huɗun suka auna, abin da ya rage daga 100 suka kira shi kabohaidiret. Saboda haka duk kuskuren da aka yi wajen auna ruwa a kansa yake sauka, daga nan kuma ya sauka a kan sitacinki.

Ummi: Ni dai ban fahimci duk wannan wahalar ba. Tunda doya rabin giram kawai take da shi na sukari, ai ita ce ta masu ciwon sukari. Ni ma na hana mijina dankali gaba ɗaya, doya kuwa ba na auna masa.

Hajiya Bilki: Haba ƙanwata, don Allah ki koma ki riƙa aunawa. Sitaci ba komai ba ne illa gulukos da aka jera aka ɗaure, hanji kuma kwance shi yake yi ya shiga jini. Giram 47 na sitacin da Malam Idi ya lissafa a doya giram 200 zai koma gulukos kimanin 52, domin kowane giram na sitaci yana ba da wajen 1.1 bayan narkewa. Dankali mai nauyi ɗaya, ki haɗa sitacinsa da sukarinsa duka, wajen 34 ne. Zaƙin da harshe ke ji ɗan ƙaramin kaso ne na lissafin. In mijinki na shan magani ko yana allura, ki kai wa likitansa adadin da yake ci a zahiri kafin ki sauya komai.

Sadiya: Tawa matsalar daban ce, ɗanye da dafaffe. Lambobin da aka kawo duk na ɗanye ne, mu kuwa dafaffe muke zubawa a faranti, kuma nauyi yana canzawa a tukunya. Ga yadda nake yi. Ina fere doyar in auna ta kafin ta shiga ruwa, a ce giram 600. Kabohaidiret 167 ke nan, faiba kusan 25, sukari 3, sitaci wajen 140. Bayan ta dahu na tsane ruwan sai in sake auna ta duka. A ce sikeli ya nuna 640. In na ɗibi giram 160, kashi ɗaya cikin huɗu na tukunyar ne, sai in raba kowane adadi gida huɗu: jimilla wajen 42, faiba 6, sukari bai kai giram ɗaya ba, sitaci 35. Ba ruwana da yawan ruwan da ta sha. A dai kula a auna bayan an fere, domin lambobin jadawali na abin da ake ci ne, ban da ɓawo.

Garba: Wannan dabarar ta yi. Amma da na gwada ta da gasasshen dankali sai na ga kamar ba ta zauna ba. Ɗanyensa ba shi da wani zaƙi sosai, gasasshen kuwa har danƙo yake fitarwa. Ba zai yiwu sukarin ya tsaya yadda yake ba.

Malam Idi: Nan ka taɓo inda dabarar ta tsaya. Hanyar Malama Sadiya tana riƙe jimilla, kuma ga doya da rogo rabon ma ba ya motsi sosai. Dankali kuwa yana ɗauke da wani sinadari mai suna beta-amilas. Idan zafi ya kai inda sitaci ya fara kumbura, wajen digiri 60 zuwa 75, sai ya shiga yanka sitacin yana fitar da sukarin maltos, har zafin ya ƙaru ya kashe shi. Gashi a hankali yana barin dankalin ya daɗe a wannan zafin, shi ya sa ya fi zaƙi. Ƙananan yanka da aka jefa a tafasasshen ruwa kuwa da sauri suke wuce wurin. A jadawalin, gasasshen dankali yana da jimilla 20.7, faiba 3.3, sukari 6.5, kuma kusan rabin sukarin maltos ne, wanda ɗanyen kusan ba shi da shi. Ba a ƙara kabohaidiret ba, daga layin sitaci ya koma layin sukari.

Maman Husna: Malam, na duba gasasshen yanzu. In na bi ragin, 20.7 a cire 3.3 a cire 6.5, ina samun 10.9. Amma su sun rubuta sitaci kimanin 7. Ina sauran giram huɗun?

Malam Idi: Madalla da kika lura. A ganina wani ɓangare guntayen sitaci ne da aka yanka amma ba su ƙarasa zama sukari ba, awon sitaci bai kama su duka ba, awon sukari ma bai ƙirga su ba. Wani ɓangaren kuma kuskuren jimillar ne da na ambata. Ni 10.9 nake rubutawa, domin guntayen nan jiki na narkar da su kamar sitaci.

Hajiya Bilki: Ni kuwa ban gamsu cewa duka giram huɗun jiki na narkarwa ba. Abin da aka dafa ya huce yana samar da sitacin da ke ƙin narkewa a ƙaramin hanji, wasu hanyoyin awo su lissafa shi cikin faiba, wasu su bar shi. Na ga masu cewa dafaffiyar doyar da ta kwana a firij ba ta ɗaga musu sukari kamar mai zafi, ni a gidana ban ga bambancin da zan dogara da shi ba. Amma wajen zaɓen lamba ina tare da Malam, babbar za ki ɗauka.

Sadiya: Akwai kuma batun irin saiwar da kwanakinta. Doyar da ta daɗe a ajiye ruwanta ya ragu, zaƙinta ya ƙaru, giram 100 nata ba ɗaya yake da na sabuwa ba. Shi ya sa ba na wahalar da kaina da ɗigon bayan lamba, 46.6 da 47 duk ɗaya ne a wurina. Akwai wanda ya taɓa gwada lissafin da busasshen rogo? Ruwan ya fita, ban san lambar da zan fara da ita ba.