"Caji" a kan kadarorin kamfani: jingina ce, ko akwai sunan da ya fi dacewa?

Rabi'atu: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen duba takardun rance, an kuma ɗora mini rubuta wa sababbin ma'aikata ɗan jagora da Hausa. Na maƙale a kalma guda. Idan kamfani ya karɓi rance ya sa kadarorinsa su tsaya masa, takardar da yake sa wa hannu a samanta ana rubuta `charge`. Mu a ofis "caji" muke cewa, amma idan na rubuta haka, wani zai tuna da cajin waya, wani da caji ofis. Na sa "jingina", sai hankalina bai kwanta ba, domin kayan ba sa barin hannun kamfanin, yana ci gaba da aiki da su. Ga shi kuma iri biyu ne, `fixed` da `floating`, kuma aikinmu gaba ɗaya ya rataya ne a kan sanin wanne ne a gabanka kafin ka tabbatar da bayanin kaya da kuɗin da aka ce sun kai. Don Allah a taimaka.

Sagir: Wa alaikumus salam. Ai "kuɗin hidima" ake cewa, ko "ladan banki". Abin da suke cirewa kafin su ba ka rancen ke nan.

Rabi'atu: Ba shi ba ne, Malam Sagir. Wannan ba kuɗin da ake cira ba ne, haƙƙi ne da mai ba da rance yake samu a kan kaya, ta yadda in an kasa biya zai iya sa a sayar da su ya ɗauki kuɗinsa kafin sauran masu bin bashi. Amma ka ga dalilin da ya sa nake gudun "caji".

Malam Habibu: Malama Rabi'atu, shakkarki tana kan hanya. Jingina a fiƙihu ita ce rahanu, kuma aya ta 283 a Suratul Baƙara ta siffanta ta da abin da aka karɓa a hannu. In kayan suna wurin mai su, ni ban ga yadda za a kira shi jingina ba. Ki sa "lamuni".

Barista Hadiza: Malam, na yarda da rabin farko, ban yarda da na biyu ba. Lamuni a bakin mutane ko dai rancen ne kansa, ko kuma mutum ya tsaya wa wani. Wanda ya tsaya maka da bakinsa ya tsaya, babu wani takamaiman abu nasa da aka riƙe. A nan kuwa abu aka riƙe, ba mutum ba. Sannan jingina ta riga ta faɗaɗa a harshen yau, ana cewa an jinginar da gida alhali mai gidan yana kwana a ciki. Don haka ban ƙi ta a matsayin uwar kalma ba. Inda take gazawa shi ne wajen raba nau'ukan nan biyu.

Ga abin da na daɗe ina amfani da shi idan ina yi wa masu kamfani bayani, kuma ban taɓa ganin wanda bai gane ba. Na farko ina ce masa ɗaurin turke, na biyu ɗaurin talala. A ɗaurin turke an nuna abu takamaimai, injin kaza mai lamba kaza, kuma kamfani ba shi da ikon sayar da shi ko musanya shi sai da izinin mai rance. A ɗaurin talala an ɗaure jinsin kaya ne, kamar hajar da ke sito ko basussukan da kamfani ke bin abokan cinikinsa. Kamfani yana saye yana sayarwa ba tare da neman izini ba, har ranar da ya kasa biya ko aka naɗa mai karɓar ragamar kadarorinsa. Ran nan igiya take tamkewa a kan duk abin da aka tarar.

Rabi'atu: Barista, wannan ya shige ni. Bari in gwada shi a kan wata takarda da na duba, ki gani ko ya ɗauka.

Wani kamfanin sarrafa robobi ya karɓi rancen miliyan 50. A jadawalin da ke bayan takardar an rubuta injin zuba roba guda uku, kowanne miliyan 30, jimla miliyan 90. A ido, kayan sun kusan ninka rancen. Na fara da abin da aka koya mini: na ɗauki lambar kowane inji na kwatanta da rajistar kadarorin kamfanin, da rasit ɗin saye, sannan na nemi a ɗauko mini hoton farantin ƙarfen da ke manne a jikin kowane inji, inda masana'anta ke buga lamba da samfuri da shekarar ƙira. Biyu sun yi daidai. Na uku lambar da ke jikinsa daban, ta jadawali daban. Na ɗauka kuskuren bugu ne, domin yakan faru a musanya sifili da harafin O. Da na matsa, ashe injin da ke jadawali an sayar da shi shekara biyu da suka wuce. Wanda ke tsaye a gurbinsa an ɗauko shi ne a kan biya kaɗan-kaɗan, kuma yarjejeniyar ta ce mallakarsa tana hannun dillali sai an gama biya. Wanda ya shirya jadawalin tsohon lissafi ya kwafa. Wato abu ɗaya a cikin ukun ba na kamfanin ba ne yanzu, wanda ya maye gurbinsa kuma bai zama nasa ba tukuna.

Sai na koma kan kuɗin. Miliyan 30 ɗin nan kuɗin saye ne, shekara shida baya. Kamfanin yana rage kashi 10 cikin ɗari na kuɗin saye kowace shekara, don haka a littafinsa kowane inji ya sauko miliyan 12. Mai kimantawa da aka aika ya ce a kasuwa, in an ba da lokaci, kowanne zai kai 15, amma in sayarwar gaggawa ce, da cire shi da ɗaukarsa, kada a sa rai da fiye da 10. Injina biyu ke nan a miliyan 20, a kan rancen miliyan 50.

Barista Hadiza: To kin ga amfanin turke. Da kin ce wa sabon ma'aikaci "ɗaurin turke ne", tambayar da za ta zo masa ita ce: ina dabbar, kuma ta wa ce? Dole ya je ya gani. Ɗaurin ba zai hau kan abin da kamfani bai mallaka ba, komai kyawun rubutun jadawali. In takardar ta haɗa da kayan da za a mallaka nan gaba, injin na uku zai iya shigowa bayan an gama biyansa, amma yau ba za ki lissafa shi ba.

Ki ƙara musu abu ɗaya. Sunan da aka rubuta a takarda ba shi ke yanke hukunci ba. A Ingila, a shari'ar Spectrum Plus ta 2005, takarda ta kira ɗaurin da ke kan basussukan da kamfani ke bi da sunan na turke, amma an bar kamfanin yana karɓar kuɗin yana kashewa a harkokinsa. Kotun ƙoli ta lokacin ta ce wannan talala ce, tunda mai rance ba ya riƙe da igiyar. Kuma bambancin yana da tsada, domin a dokokin da suka bi wannan tsari akwai masu bin bashi da ake fifitawa a kan mai talala, kamar ma'aikata a wani ɓangare na albashinsu. Don haka mai dubawa ya karanta sakin layin da ke faɗin abin da kamfani zai iya yi da kayan ba tare da izini ba.

Alhaji Ɗanlami: Ni abin ya taɓa faruwa da ni. Na sa hajar sitona, aka rubuta kuɗinta, bayan wata takwas mai dubawa ya zo ya ce ba ta kai ba, kamar na ɓoye wani abu. Ai haja ba ta zama wuri ɗaya, 'yata. Yau sito cike, jibi rabi. Shi ya sa talalar nan ba ta gamsar da ni ba. Akuyar da aka yi wa talala ita ce dai gobe, igiyarta ce kawai doguwa. Hajata kuwa ta yau ba ita ce ta gobe ba. Abin ya fi kama da shinge: duk abin da ke ciki an riƙe, wanda ya fita ya fita.

Barista Hadiza: Alhaji, maganarka gaskiya ce, kuma nan ne raunin kalmata. Talala ta kama sakin da aka yi wa kamfani, ba ta kama sauyawar kayan ba. Shinge ya kama sauyawar, sai dai yana sa mutum ya zaci wuri ake nufi, alhali bashin da kake bin mutane ba ya cikin kowane sito kuma yana shiga. Abin da ya same ka kuwa daga rashin kwanan wata ne. Kuɗin haja ba ya da ma'ana sai an ce na ranar kaza ne, an kuma faɗi ko kuɗin saye ne ko na sayarwa, an fitar da wadda ta lalace da wadda masu kawo kaya suka ce tasu ce sai an biya su. In mai rance yana son kada haja ta sauka ƙasa da wani adadi, sharaɗi ne daban da ya kamata a rubuta maka ƙarara.

Malam Habibu: Na janye lamuni. Amma har yanzu ina roƙon kada a sa "jingina" ita kaɗai. A ce "ɗaurin kadara", jingina ta zauna wa abin da aka miƙa hannu da hannu. Kuma wajen kuɗin, kada ki ce "farashi", tunda ba a sayar ba. "Daraja" kuma ta yi faɗi. Ƙima ita ce abin da aka ƙiyasta.

Rabi'atu: Na gode ƙwarai. Ƙima na ɗauka, kuma zan raba ta huɗu kamar yadda ta fito a takardar robobin: kuɗin saye, ƙimar littafi, ƙimar kasuwa, da ƙimar gaggawa, kowace da kwanan wata da sunan wanda ya yi ta. Zan kuma raba ta da "adadin da aka ɗaure", wato iyakar bashin da kayan suka tsaya wa, domin na sha ganin an rubuta wannan a gurbin wancan. Uwar kalma zan sa ɗaurin kadara, in ambaci jingina a gefe saboda ita mutane suka sani. Ɗaurin turke ya zauna. Na biyun zan rubuta talala a wannan bugun, amma zan karanta wa sababbin ma'aikatan duka biyun, talala da shinge, in ba su jadawalin haja su duba, in ga wacce za ta sa su tambayi kwanan wata da kansu.

Alhaji Ɗanlami: In kin gwada ki dawo ki faɗa mana. Ni dai ina nan a kan shinge.