Matashin ɗan wasana ya ƙi girma a Career Mode, maki 69 ya tsaya cak

Salam jama'a, don Allah a taimaka min, abin nan ya ishe ni. Ina buga Manager Career a FC 24, na ɗauko wani yaro ɗan gaba daga akadami yana shekara 17, makinsa 64, a bayaninsa an rubuta Has Potential to be Special, wato zai iya kai 91 ko sama. Yanzu kaka biyu ke nan, 69 kawai ya kai, kuma rubutun ma ya koma An Exciting Prospect, ke nan ƙimar tasa ta sauka.

Kakar farko na sa masa Development Plan na Poacher, ina sako shi daga benci wajen minti na 70 saboda babban ɗan gabana 84 ne kuma Crucial ne a kwantiraginsa, in na ajiye shi wasa biyu sai ya fara ƙorafi. Yaron bai cika wuce 6.5 a makin wasa ba, Sharpness ɗinsa kullum a ƙasa. Kaka ta biyu na ba da shi aro, ashe can ma benci ya yi ta ɗumamawa, wasa 9 ya buga, ya dawo da ƙarin maki 2. Mafi yawan wasannin lig ba ni nake bugawa da hannu ba, Quick Sim nake yi, ban da lokaci.

Tambayata: in na fara sa shi a sha ɗayan farko duk kakar nan, ƙimar da ta sauka za ta iya komawa 91, ko ta tafi ke nan in sayar da shi? Na gode.