Da naira ta zube ta sake tashi, girafik kuka duba ko labarin tattalin arziki?

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka riƙe naira ko dala ko USDT, kuɗin kirifto mai bin darajar dala, tsakanin Yunin 2023 da Afrilun 2024, wato daga sanda aka saki naira har sanda ta je wajen 1,900 a dala guda a kasuwar bayan fage sannan ta dawo kusan 1,100. Masu analiz teknik na cewa komi yana cikin farashi, in ka iya karanta girafik ya ishe ka. Masu analiz fondamantal na cewa a'a, duba hauhawar farashi da kuɗin ruwa da dalar da ke hannun babban banki. Kowa ya faɗi mi ya duba a lokacin da abin da ya same shi, ba abin da ya ji a bidiyo ba don Allah.

Nura Girafik: Wa alaikumus salam. Ni girafik nake bi kuma har gobe. Dalili shi ne duk labarin da zai iso wayata a nan Maradi, manyan Legas da Landan sun riga ni ji, sun saya ko sun sayar, to sawunsu ya fito a kyandirorin girafik kafin ya fito a rediyo. Kuma mutane ba sa canzawa, inda suka tsorata bara nan za su tsorata bana, shi ya sa sapot da rezistans, wato wuraren da farashi ya saba juyawa a ƙasa da sama, ke aiki. A Janairun 2024 na ga ma'aunin RSI na USDT da naira ya haura 70, ma'ana an yi sayen wuce kima, sai na sayar da nawa wajen 1,400. Afrilu ta zo farashi yana ƙasa da inda na fita. To wa ya yi gaskiya?

Malam Akanta: Nura ƙanena, ka tsallake wata guda a labarinka. Daga 1,400 da ka fita abin ya ci gaba har wajen 1,900, kuma RSI da ya haura 70 bai hana hawan nan ba. Haka yake, in kasuwa ta ɗauki hanya guda da ƙarfi sai ya maƙale a sama sati da sati, shi ba ya cewa an kusa juyawa, yana cewa ne kawai an yi ta hawa a kwanakin baya, don da farashin kwana 14 da suka wuce ake lissafa shi. Kai Allah ya taimake ka abin hannunka ka sayar ka zauna. Wanda ya ga wannan alama ɗin ya shiga da lebiye, wato ya ninka jarinsa da kuɗin aro, a kan cewa dala za ta faɗi, an share mashi asusu tun kafin Afrilun ta zo ta ba shi gaskiya.

Kuma ina son ka gaya mani abin da girafik ya nuna ranar 13 ga Yunin 2023. Farashin gwamnati yana kwance wajen 460, layi miƙe. Washegari Babban Bankin Najeriya ya saki, cikin kwanaki sai ga shi sama da 700. Ba kyandir ɗin da ya nuna wannan, don ba kasuwa ta yi shi ba, sa hannu ne a ofis. Amma wanda ke duba tushe ya san akwai magana, tunda gwamnati na cewa 460 bayan fage na cewa wajen 750, hauhawar farashi ta wuce kashi 20, ga sabon shugaba ya cire tallafin mai tun ranar rantsuwa 29 ga Mayu. Tazara irin wannan ba ta ɗorewa.

Habu Zariya: To Malam ni maganarku na bi, ba taku kai tsaye ba amma irin wannan lissafin, kuma ga yadda ta ƙare mani. Ina da naira 900,000 a asusuna na can, kuɗin takalma ne da na kai Katsina. Fabrairun 2024 na zauna na duba, hauhawar farashi ta kai kusan kashi 30, kuɗin ruwa na babban banki 18.75, wato duk wanda ya aje naira asara yake kullum, ga bashin dala na biliyoyi da bankin bai biya ba. Komi na cewa naira ƙasa za ta. Na sayi USDT a 1,800, na samu 500. Ƙarshen watan suka ɗaga kuɗin ruwa zuwa 22.75, Maris suka kai shi 24.75, suka riƙa sayar wa ƴan canji dala, aka rufe cinikin naira a manhajar da kowa ke amfani da ita, sai naira ta miƙe. Afrilu mai kayana ya matsa sai na biya shi, dole na sayar a 1,150, na karɓi 575,000. Naira 325,000 ta tafi, sama da kashi ɗaya cikin uku. Abin haushin, kafin ƙarshen shekara dala ta koma wajen 1,700. Wato lissafina bai yi ƙarya ba amma kuɗin babu.

Nura Girafik: Ka gani ko! Da ka buɗe girafik da ka ga ka sayi tsini ne, kyandir ya yi doguwar jela a sama. Fondamantal ba ya gaya maka inda za ka shiga da inda za ka fita.

Malam Akanta: Rabin maganarka daidai ne Nura. Babban aibin bin tushe ke nan, yana nuna maka gabas amma ba ya ba ka rana, ba ya ba ka lamba. Ka tambayi masana uku nawa ya kamata dala ta kasance a naira, lamba uku za ka ji, don kowa da abin da ya ɗauka game da farashin mai da dalar da za ta shigo. Alƙaluman ma a makare suke zuwa, hauhawar farashin Janairu sai tsakiyar Fabrairu ake fitar da ita. Sannan abin da Habu ya lissafa ba sirri ba ne, har mai shayi ya san naira na faɗuwa, to duk mai son gudu ya riga ya gudu, shi ya sa farashin ya kai 1,800 ɗin. Tambayar da ta kamata a Fabrairu ba wai ko naira na da ciwo ba, a'a, ko akwai sauran mummunan labarin da bai shiga farashi ba tukuna. Kuma Habu ka lissafa ciwon ba ka lissafa cewa mai banki zai iya tashi ya ba da magani ba.

Amma jelar da kake faɗi Nura, yanzu ne ta zama tsini da muka ga abin da ya biyo baya. Koma ka duba daga Janairu, jela nawa irinta ta fito a 1,500 da 1,600 abin ya ci gaba da hawa? Waɗannan ba wanda ke ɗaukar hotonsu ya turo.

Hajiya Mai Atamfa: Ni ban san RSI ba ƴaƴana. Kantin Kwari nake saro atamfa, ranar da zan yi saye ranar nake canza sefa, ba na kwana da naira. Abin da na gani da idona shi ne sanda naira ta faɗi jaka guda tana ba ni naira mai yawa, na yi murna, sai na tarar ƴan Kwari sun ƙara wa turmi kuɗi. Da naira ta tashi kuma ba su rage ba. Ga boda a rufe tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 sai Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, kuɗin ɗauko kaya ta daji ya cinye ribar canjin. Wannan a wane analiz ɗin yake?

Malam Akanta: Hajiya barka da war haka. Naku ai fondamantal ne tsantsa, kuma kun fi mu dubawa da kyau, don mu lamba guda muke kallo ku kuna kallon abin da kuɗin ke saya.

Ibro 227: Slm don Allah wanne ya fi kawo kuɗi da sauri cikin biyun, akwai wani gurup da ake biyan jaka goma a wata suna ba da siñal wai 95 cikin 100 suna ci

Nura Girafik: Ibro riƙe jakarka goma. Ko ni da nake son girafik ba na cin shida cikin goma kullum, abin da ke riƙe ni shi ne in na faɗi kaɗan nake faɗi saboda Stop Loss, wato farashin da nake aje wa manhaja ta fitar da ni in kasuwa ta juya mani.

Alhaji na Bakin Kasuwa: Ni canji nake tun ana kashe naira da daraja a Ɗan Isa da Jibiya. Yaro, Stop Loss ɗin nan naka yana aiki ne in akwai mai saye a wurin da ka aje shi. A makon da naira ke zubewa mutum zai zo mani da ita cike da leda, in ce ba na saye yau, ko in faɗi farashin da zai sa ya juya. Farashi yana nan a waya amma ba mai karɓa. Sannan ku duka ba wanda ya ambaci tazarar saye da sayarwa, a lokacin lafiya ƴar kaɗan ce, a lokacin ruɗani mukan buɗa ta sosai don mu ma tsoro muke ji, wanda ke shiga yana fita kullum mu yake yi wa aiki.

Kuma ku duba sefar da ke aljihunku. Girafik ɗinta da yuro layi ne guda, 655.957, tun 1999. Kafin Janairun 1994 ma haka yake, faran ɗin Faransa guda sefa 50 shekara da shekaru, aka kwana aka tashi ya zama 100. Ina kasuwa a lokacin. Masu bin labari sun yi shekaru suna cewa za a karya ta, wasu har sun gaji sun daina faɗi, wasu sun fitar da kuɗi tun da wuri sun yi ta zaman jira ba riba. Ranar da ta zo ba na nan ba na can da ya san ita ce.

Malam Akanta: Alhaji Allah ya ƙara girma, abin da kuka ce kan Stop Loss ya faru har a manyan kasuwanni. Ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin Suwis ya janye shingen faran Suwis 1.20 a yuro guda da ya sa, cikin mintoci farashi ya yi tsalle ya wuce inda mutane suka aje nasu, wasu suka tashi da bashi a kan asarar jarin. Nura, ga abin da zai raba mu gardama. Ka rubuta dokarka a takarda yau, misali in RSI ya haura 70 na sayar in ya sauka ƙasa da 30 na saya, ba gyara daga baya. Duk shigar da ka yi ka turo nan kafin sakamako ya fito, da farashin da ka samu na gaske bayan an cire kuɗin manhaja. Mu ƙirga bayan shiga hamsin.

Nura Girafik: Na yarda, amma ba RSI kaɗai nake bi ba, sai na haɗa da tsarin kyandir da yadda na ga kasuwar, wannan ba ya rubutuwa a takarda Malam. Kuma ku ma ku rubuta mana nawa dala za ta kai da wane wata.

Habu Zariya: Ku rubuta duka ku turo. Ni dai yanzu kuɗin mai kaya ba na juya shi ko da wane analiz. Alhaji nawa jaka take yau, ina da biya a Katsina ranar Laraba.