Waya ba ta caji sai na danna kan caja: wa ya taɓa share ramin da kansa?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kusan wata biyu ke nan wayata ba ta ɗaukar caji sai na ɗaga kan cajar sama na tokare shi da littafi. Na sauya igiya har uku, duk jiya-i-yau. Jiya ƙanena ya haska ramin da tocila ya ce akwai wani abu fari-fari a can ƙasa. Waɗanda abin ya taɓa samu, yaya kuka yi? Ina tsoron in zura wani abu in lalata ta gaba ɗaya.

Direba: Wa alaikumus salam Hajiya. Tawa ma haka ta yi, don kullum tana aljihun wando. Ranar da na tono abin, wallahi na yi mamaki, curin zare ne ya daskare kamar ƙwayar shinkafa, launinsa irin na wandon. Da allura na ciro, kuma har yau tana caji lafiya.

Mai Gyara: Malam Direba, kan dalilin ka yi daidai, amma allurar sa'a ka ci. Duk lokacin da aka soka caja, takan tura zaren aljihu da ƙura can ƙasan ramin ta daddale su, har su zama kamar tabarma. Daga nan kan cajar ba ya kaiwa ƙarshe. Hajiya, soka taki ki duba: in kin ga ƙarfen kan ya rage a waje, kuma ba ki ji ɗan ƙas ɗin nan na shiga ba, to datti ne ya tare.

Ki kashe wayar tukuna. Ki sami tsinken sakace na icce, ki feƙe bakinsa da reza ya yi faɗi ya yi siriri. In ramin USB-C ne, za ki ga wani ɗan harshe a tsakiya. A jikinsa haƙoran da ke ɗaukar wuta suke, sama da ƙasa, har 24, sirara ƙwarai. Kada ki jingina tsinken a kansa, kada ki yi ɓanɓare da shi. Ki bi ta gefen bango har ki ji kin taɓa ƙasa, ki kankara a hankali daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannan ki jawo sama, bakin wayar yana kallon ƙasa. Da fari za ki ga kamar babu abin da ke fita, domin abin ya yi tauri. Ki yi haƙuri, wani yakan ci minti goma. Allura kuwa tana kankare haƙoran ko ta lanƙwasa su, kuma ƙarfe ce, tana iya haɗa biyu su lalace in akwai wuta.

Ɗalibi: Ni tawa caji take sha da sauri, kafin azahar ta mutu. Ko ita ma dattin ne?

Mai Gyara: A'a ƙanena, taka maganar batir ce, ba ta shafi rami ba.

Tela: Wurin aikina zare ko'ina, don haka duk wata sai na share. Tawa tsohuwar iPhone ce, raminta babu harshen nan, ya fi sauƙi. Kuskuren da na yi shi ne tsinke mai gautsi da na sa, ya karye a ciki, na wuni ina fama da shi. Yanzu wani siririn ɗan roba nake yankowa, in gama in ɗiga sifirit a buroshi in goge.

Mai Gyara: Robar ta yi. Sifirit ɗin ne ban cika so ba, don wani akwai ruwa da yawa a cikinsa. In dole ne, a jiƙa bakin tsinke kaɗan, a bari ya bushe sarai kafin a kunna. Hurawa da baki ma danshi take sawa.

Tela: To ni dai shekara biyu ban ga illa ba.

Uwar Biyu: Na gwada yanzu. Sau uku ina fito da wani abu kamar auduga mai toka-toka, kuma caja ta shige har ƙarshe, na ji ƙas ɗin. Allah ya saka da alheri. Sai dai in na juya kan cajar ta ɗaya fuskar, wutar tana ɗaukewa.

Mai Gyara: Ki sake haskawa ki kalli harshen. In akwai kore-kore ko baƙi a fuska ɗaya, ruwa ne ya taɓa shiga, tsinke ba zai yi maganinsa ba. Amma kafin nan gwada igiyar a wata waya ta fuska biyun, ki gaya mana abin da kika gani.