Suna cin aikin gida a lesin, gwaji kuma yana kayar da su

Mai kula da lesin: Assalamu alaikum. Muna da ɗaki guda da yaran sakandare kusan arba'in ke zuwa bayan an tashi makaranta, awa biyu kullum. Wasu aikin gida ne ke kawo su, goma sha biyu kuma jarrabawar fita sakandare ce a gabansu. Abin da ya dame ni shi ne, littattafan aikin gidansu tsaf suke, maki takwas, tara cikin goma. Amma da muka yi gwajin lissafi, kowa da takardarsa, fiye da rabin ’yan ajin ƙarshe ba su kai rabin maki ba. Wanda ya taɓa cin karo da haka ya taimaka mana.

Malamar lissafi: Wa'alaikumus salam, Malam. Na gani, kuma ba lallai satar amsa ba ce. Yaro biyar a benci guda, malami yana gefe, da yaro ya cije sai a faɗa masa mataki na gaba. Aiki ya fita daidai, amma mataki mafi wuya ba shi ya yi ba, wato gane ta inda za a fara.

Akwai wata yarinya a wajenmu. Na ba ta 2x + y = 11 da x − y = 1. Nan take ta haɗa layukan biyu, y ta ɓace, ta sami 3x = 12, x = 4, y = 3. Sai na canza na biyun zuwa x + y = 7. Ta sake haɗawa, ta sami 3x + 2y = 18, ta tsaya tana kallona. Ashe “a haɗa layuka” ta haddace, ba ta san dalilin haɗawar shi ne a kawar da harafi ɗaya ba, kuma a nan ɗebewa ce za ta kawar da shi. Da ta gane wannan, na ba ta 2x − y = 5 da x − y = 1. Ta san ɗebewa za ta yi, amma −y a ɗebe −y sai ta rubuta −2y maimakon sifiri. To ka ga ciwon na biyu ma ba na ajinta ba ne, tun ƙaramar sakandare ta taho da shi. Mako guda muka yi kan lambobi masu alamar ɗebewa kafin mu koma.

Tun daga nan, minti goma na ƙarshe na kowace rana nake ba su tambaya ɗaya mai kama da aikin gidan, da ɗan canji, littafi a rufe, ni ma bakina a rufe. Bayan kwana biyu ko uku in sake kawo irinta.

Baban ’yan biyu: Ni dai a ganina tsofaffin tambayoyin jarrabawa ne maganin. A ba su na shekara goma su yi ta maimaitawa, ai masu jarrabawa juya tambaya kawai suke yi.

Malamar lissafi: Baba, da gaskiyarka, salon tambaya yana dawowa. Lambobin ne ba sa dawowa. In littafin yana da amsa a baya, yaro zai leƙa, ya ce ya gane. A cire shafin amsar a ajiye wajen malami, a sa musu agogo, kuma a duba matakan da suka bi, don a ɓangaren da ake nuna aiki ana ba da maki kan hanya ko da amsar ƙarshe ta kuskure.

Maman ɗan aji ɗaya: Nawa matsalar daban ce. Tun da jarrabawa ta matso, malamai suka koma kan manya, ɗana yana dawowa da aikinsa yadda ya tafi da shi. Mu da muke ɗaki ɗaya da ƙannensa, ga hayaniyar maƙwabta, ina zai zauna ya yi? Don Allah a riƙa tunawa da ƙananan.

Tsohon ɗalibi: Mama, a inda na yi, raba lokaci aka yi. Awar farko ta aikin gida ce, mu manya kowa ya riƙe ƙanana biyu ko uku, da sharaɗin ba ka taɓa biron yaro. Awa ta biyu ƙanana su tafi, benci ya yi fili, sai a yi mana gwaji. Bayanin da na riƙa yi wa ƙanana ne ya tona mini cewa ni ma ban iya ɓangarorin lamba sosai ba. Sai dai wasu abokaina sun ƙi, suna cewa ana cinye musu lokaci.

Mai kula da lesin: Na gode ƙwarai. Tambayar minti goma zan fara ta gobe in Allah ya yarda. Rabon lokacin ne nake wasi-wasi, domin ƙanana da yawa tare da yayyensu suke komawa gida, ba zan sake su su kaɗai da yamma a cikin wannan cunkoso ba, kuma ba mu da ɗaki na biyu da za su jira. Yaya kuka yi da wannan?