Layukan Bollinger: shirina yana gano matsewa, amma ba ya kama ɓallewar farashi

Sagir, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman gogewar waɗanda suka taɓa sa kwamfuta ta duba musu layukan Bollinger daga farashin rufewa na kullum. Na rubuta ɗan shiri da Python, na zuba masa farashin shekara 3 na wani banki da ke kasuwar hannun jari ta Legas, ina so ya sanar da ni ranar da layukan suka matse, da kuma ranar da farashi ya ɓalle daga cikinsu. A cikin shirin, `c` shi ne farashin rufewa na kullum.

```python
mid = c.rolling(20).mean()
sd = c.rolling(20).std()
up, lo = mid + 2*sd, mid - 2*sd
bw = (up - lo) / mid
sq = bw <= bw.rolling(125).min()
buy = sq & (c > up)
```

Matsewa tana fitowa daidai, amma `buy` bai nuna ko rana ɗaya ba a duk tsawon shekarun, alhali da idona ina ganin wuraren da farashin ya haura layin sama bayan ya daɗe a kwance. A ina na yi kuskure?

Malam Habibu

Wa alaikumus salam, Malam Sagir. Ni ma na faɗa wannan rami a farkon farawata. Kuskuren yana layinka na ƙarshe, domin ka nemi abubuwa biyu su haɗu a rana ɗaya, alhali na biyun ne yake rushe na farkon. Layin tsakiya matsakaicin farashin kwana 20 ne, layin sama da na ƙasa kuwa nisansu daga tsakiya ya dogara ne ga yadda farashin waɗannan kwanaki ya warwatsu, an ninka sau 2. To farashin yau yana cikin kwana 20 ɗin, saboda haka da zarar ya yi tsalle, shi da kansa yake buɗe layukan.

Bari mu lissafa. A ce jiya matsakaici naira 50.00 ne, `sd` kuma 0.75. Layin sama ya zama 51.50, na ƙasa 48.50, faɗin kuwa 3 a raba da 50, wato 0.060, kuma a ce shi ne mafi ƙanƙanta cikin kwana 125. Yau aka rufe a kan 52.10, ranar da ta fita daga lissafi kuma 50.00 ce. Matsakaici ya koma kusan 50.11, `sd` ya hau zuwa kusan 0.88, layin sama ya zama 51.86. Farashi ya haura layin, babu shakka, amma faɗin ya koma 0.070, ya daina zama mafi ƙanƙanta, sai `sq` ya ce babu matsewa. Abin da ya kamata ka tambayi shirin shi ne ko an yi matsewa a 'yan kwanakin da suka gabata.

```python
recent = sq.astype(int).rolling(10).max().shift(1) == 1
buy = recent & (c > up)
sell = recent & (c < lo)
```

Kwana 125 ɗin da ka sa daidai ne, domin John Bollinger, wanda ya ƙirƙiro layukan a farkon shekarun 1980, yana kiran abu matsewa ne idan faɗin ya sauka ƙasa da duk abin da aka gani cikin kusan wata 6 na ciniki. Kwana 10 kuwa zaɓina ne kawai. Ka kuma gyara `std()` zuwa `std(ddof=0)`, saboda pandas tana raba lissafin da 19 ne idan ba a faɗa mata ba, shi kuwa Bollinger da 20 yake rabawa. Bambancin kusan kashi 2.6 cikin ɗari ne, amma ya isa ya sa layinka ya saɓa da wanda kake gani a manhajar dillalinka a ranar da farashi ya tsaya a bakin layi.

Aminu, Zariya

Malam ya yi bayani mai gamsarwa. Abin da zan ƙara shi ne, a darasin ƙididdiga an koya mana cewa kashi 95 cikin ɗari na alƙaluma suna zama cikin wannan tazara, saboda haka duk ranar da farashi ya fita waje abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma dole ya dawo ciki. Ni idan na ga ya haura layin sama sayarwa nake yi, ba saye ba, kuma sau da yawa hakan ya yi mini daidai.

Malam Habibu

Aminu, dabararka tana aiki a lokacin da farashi yake kai-komo tsakanin iyaka biyu, kuma ina jin a irin wannan lokaci ka gwada ta. Sai dai kashi 95 ɗin na alƙaluman da suka bi rabo na ƙa'ida ne, farashin kasuwa kuwa ba ya bin sa, ga shi kuma kwana 20 kaɗan ne. A aikace abin da ke zama ciki ya fi kusa da kashi 90. Idan farashi ya kama hanyar hawa da ƙarfi, yana iya bin layin sama kwana da kwanaki ba tare da ya koma tsakiya ba, kuma bayan matsewa ne aka fi ganin haka.

Hajiya Rabi

Ni ba na rubuta shiri, ɗana ne ya haɗa mini a Excel, amma ina da abin faɗa a kan `sell` ɗin nan. Wata safiya jadawalin ya nuna mini ja a kan hannun jarin wani kamfanin kayan abinci da nake riƙe da shi, bayan makonni layukan suna matse. Na kira dillalina na ce a sayar. Ya ce, “Hajiya, ba faɗuwa ba ce, jiya ce ranar da aka cire ribar shekara daga farashin, kuma kuɗin zai shigo asusunki.” Na duba, abin da farashin ya ragu daidai yake da ribar da aka sanar a kan kowane hannun jari. Tun daga lokacin ɗana ya ƙara wani gida da muke rubuta ranar cire riba da ranar ƙarin hannun jari na kyauta, domin a gyara tsofaffin alƙaluma kafin a lissafa layukan. Malam Sagir, bankuna suna biyan riba, wasu ma sau biyu a shekara, ka duba ko alƙalumanka gyararru ne.

Mahamadu, Maradi

Ni a kan canjin kuɗi na gwada. Na sa yuro da sefa, sai shirin ya riƙa ce mini matsewa kullum, layukan uku sun zama ɗaya. Na yi mako ina jiran ɓallewa kafin na tuna cewa sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, babu inda za ta motsa. Ban sani ba ko wannan ya shafi tambayar Malam Sagir.

Malam Habibu

Ya shafe ta ƙwarai, Malam Mahamadu. A kasuwar Legas akwai kamfanonin da farashinsu yake kwana 20 bai motsa ba saboda ƙarancin ciniki, sai `sd` ya zama sifili, `bw` ma sifili, kuma tunda an rubuta `<=`, kowace rana daidai take da mafi ƙanƙanta. Ranar da aka ƙara kobo 5 kacal, shirin zai ce an ɓalle. Ni nakan jefar da duk kamfanin da farashinsa bai canza ba a fiye da rabin kwana 20 ɗin.

Sagir, Kano

Na gode muku duka. Na yi gyaran, kuma yanzu `buy` da `sell` suna fitowa. Na kuma lura cewa alama ba ta iya fitowa kafin rana ta 145, domin sai an cika kwana 20 sannan a fara ƙirga 125. Hajiya, ɗaya daga cikin `sell` ɗin ya faɗo daidai kan ranar cire riba. Abin da ya rage mini shi ne wani wuri da farashin ya rufe a ƙasan layin ƙasa rana ɗaya, bayan kwana 3 kuma ya juya ya haura layin sama ya ci gaba da hawa, shirin ya ba da alamu biyu masu karo da juna cikin mako guda. Na gwada jiran rufewa biyu a jere a wajen layi, sai alamar ƙaryar ta ɓace, amma a wani wurin na makara, domin farashin ya hau kashi 10 a rana ta biyu, wato iyakar abin da kasuwar take bari a hau a yini ɗaya. Malam Habibu, kai jira kake yi, ko yawan cinikin ranar kake dubawa?